"Ka zo", "ki zo" ko "ku zo": wa takardar makaranta ke kira?

Kusan duk takardar da ke fita daga makarantunmu na Madarunfa da Faransanci ake rubuta ta, kusan duk gidan da take shiga kuma da Hausa ake sauraronta. Tsakanin rubutun da sauraron akwai mai fassara, wanda sau da yawa ba a naɗa shi ba: malamin aji, ko maƙwabcin da ya yi boko, ko shi kansa yaron da aka ba takardar. Tun a shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta sa harsunan ƙasa cikin harsunan koyarwa, kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan fassara tsakanin ofis da gida ba raguwa za ta yi ba, ƙaruwa za ta yi. Shi ya sa nake son mu tsaya a kan wata ƙaramar kalma da ke hana saƙo isa inda aka aike shi.

Kalmar ita ce *vous*. Bafaranshe yana faɗa wa mutum ɗaya ita don girmamawa, yana faɗa wa taro ita, yana faɗa wa namiji, yana faɗa wa mace. Hausa ba ta da irin wannan rumfa da kowa ke fakewa a ƙarƙashinta. Da ka buɗe baki za ka yi wa wani magana, dole ka zaɓa: kai, ke, ko ku. Zaɓin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana bin jimlar har ƙarshenta. Ka zo, ki zo, ku zo. Kana, kina, kuna. Ɗanka, ɗanki, ɗanku. Ra'ayina shi ne wannan zaɓi ba na mai fassara ba ne, na mai saƙo ne, domin shi ke nuna wanda aka ɗora wa nauyi. Mai fassarar da ya zaɓa a ransa ya yi shiru ya yanke hukuncin da ba a ba shi ba.

Mu ɗauki saƙo irin wanda ke shigowa waya lokacin haɗa takardun jarrabawa:

« Veuillez vous présenter à l'école lundi à 8 heures avec l'acte de naissance de votre enfant. »

Ma'anarsa a dunƙule ita ce ana son zuwa makaranta ran Litinin da ƙarfe 8 da takardar haihuwar yaro. Duba shi da kyau. Babu abin da ya nuna ko uba ake kira ko uwa, ko mutum ɗaya ko biyu. Hatta yaron ba a nuna namiji ne ko mace ba, don kalmar *enfant* tana ɗaukar duka biyun, kuma *votre* ba ta sauyawa saboda jinsi. Hausa za ta iya juya wannan jimla ta hanya 4, kowace da inda take kai mutane.

In aka ce "ka zo da takardar haihuwar ɗanka", an kira maigida. To a ƙauyukanmu na wajen Gabi ko Safo ko Sarkin Yamma, da an gama girbi magidanta da yawa sun tafi ci-rani, wasu Kano, wasu Legas, wasu ma nesa da haka. Uwa ta ji an ce "ka", ta san ba da ita ake ba, kuma ba za ta yi shisshigi cikin kiran da aka yi wa mijinta ba. Takardar tana cikin akwatinta, amma za ta jira shi. Litinin ta wuce, a makaranta kuma a rubuta cewa iyayen ba su damu ba. Ƙari a kan haka, in ɗalibar mace ce, kuma tana da wa ko ƙane a makarantar, "ɗanka" zai sa a ɗauko takardar namijin.

In aka ce "ki zo", an kira mace. A gidan da ke da mata 2 ko 3, wace ce? Ko da an gane uwar, akwai maigidan da zai tambayi dalilin da ya sa malami ya tsallake shi ya aika wa iyalinsa kira kai tsaye. Abin da aka fara da takardar haihuwa sai ya koma maganar mutunci.

In aka ce "ku zo", an kira jama'a. Wani gidan uba da uwa duk za su ajiye aiki su taho, a kan abin da mutum ɗaya zai gama cikin minti 5. Wani gidan kuma kowa zai ɗauka ɗayan ne zai je.

In aka ce "a zo da takardar haihuwa", babu wanda aka ɓata wa rai, amma babu wanda aka kira. Wannan "a" ɗin na "an ce", "ana so", "za a yi", shi ne mafakar da Hausa ta tanada don lokacin da ba a son ambaton mai aiki. Yana da amfani ƙwarai, zan dawo kansa, amma shi kaɗai ba ya tayar da kowa daga tabarma.

To me mai fassara zai yi? Abu na farko, ya nemi ganin rubutun da idonsa, kada ya yarda a karanta masa. Faransanci yakan ɓoye mai karɓar saƙo a baki ya tona shi a rubuce. Jimlar da ke nufin "ana roƙon" tana zuwa da kama 4: *vous êtes prié*, *priée*, *priés*, *priées*. A kunne duk sauti ɗaya ne. A takarda kuwa ta farko namiji ɗaya ce, wato "ana roƙonka". Ta biyu mace ɗaya, "ana roƙonki". Ta uku jama'a, maza zalla ko maza da mata, "ana roƙonku". Ta huɗu mata zalla, kuma a nan Hausa ce ke gazawa, don "ku" ɗinmu ba ya bambanta maza da mata, sai an ƙara da baki an ce "ku iyaye mata". In kira ne na ƙungiyar iyaye mata ta makaranta aka juya shi da "ku zo" kawai, kada a yi mamaki in maza suka cika bencin. Haka ake duba ƙarshen kalmomi irin su *invité* da *convoqué*. A duba kuma kan takardar, ko an rubuta *Monsieur*, ko *Madame*, ko *Chers parents*. In an jera biyun farko tare, an bar ƙofa a buɗe ke nan ga duk wanda takardar ta samu.

Akwai alamu biyu da ke ruɗin masu fassara, har da waɗanda suka yi nisa a karatu. Na farko shi ne aikatau. Bayan *vous* kullum siffar jam'i yake ɗauka, ko da mutum ɗaya ake nufi, don haka ganin *êtes* ko ƙarshen *-ez* ba hujja ba ce ta cewa jama'a ake kira. Na biyu shi ne *votre* da *vos*. Waɗannan suna ƙidaya abin da aka mallaka ne, ba masu mallakar ba. *Vos enfants* na iya zama ƴaƴanka, ko ƴaƴanki, ko ƴaƴanku. Abin da kawai ya tabbata shi ne yaran sun fi ɗaya. Ko alamar ƙarshen kalma ma a yi hattara da ita, domin takardun da aka buga tun tuni ana cike suna da biro yawanci siffar namiji suke ɗauke da ita, ba don an zaɓi uba ba, sai don haka aka saba bugawa.

Abu na biyu, in rubutu bai nuna ba, a tambayi mai saƙon. Bahaushe ya ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Shugaban makarantar da ya rubuta waccan jimla ya san abin da yake so a ransa, harshen da ya yi rubutun da shi ne bai tilasta masa faɗa ba. Tambayoyi 3 sun isa: wa ake so ya zo, mutum nawa, kuma a kan wane yaro? Sau da yawa amsar takan zama "kowa ma ya kawo, takardar nake so". Wani lokaci kuma amsar ita ce sai uba ko waliyyi, don akwai sa hannu. Waɗannan amsoshi biyu fassara biyu ce daban, kuma babu ƙwarewar da za ta sa mai fassara ya san wacce ce ba tare da ya tambaya ba.

Tambayar tana ƙara zama dole in saƙon turo shi aka yi daga wata waya zuwa wata. Na sha ganin saƙon da ofishin masu duba makarantu ya aika wa shugabannin makarantu, ana neman su kawo wasu takardu kafin wata rana, wani ya tura shi dandalin iyaye a WhatsApp don su san halin da ake ciki, wani kuma ya yi taimako ya fassara shi da murya: "an ce ku kawo". Kan takardar da ke nuna waɗanda aka rubuta wa ya ɓace a hanya, *vous* ɗin shugabanni ya zama "ku" ɗin iyaye, washegari ga dattawa a ƙofar makaranta suna tambayar abin da za su kawo. Haka kuma mai waya ba lallai shi ne mai saƙo ba. Lambar da ke rajistar makaranta sau da yawa ta kawu ce, ko ta yayan ɗalibi, ko ta mai shagon unguwa. Wanda ya ga saƙo a wayarsa ya ce "ni ake kira" yana iya zama ɗan aike ne kawai.

In an samu amsa daga shugaban makaranta cewa kowa ma ya kawo, ga yadda ni zan juya saƙon nan:

"Zuwa ga mai riƙon Wance, ƴar aji 6, uwa ce, ko uba, ko duk wanda take hannunsa. A kawo takardar haihuwarta makaranta ran Litinin da ƙarfe 8 na safe. Mutum ɗaya daga cikinku ya isa."

Ya fi na asali tsawo, amma kowace ƙari tana da aikinta. Sunan ɗaliba ya kawar da rikicin ɗa da ɗiya. "Mai riƙo" ya shigo da kaka da gwaggo da kawu, waɗanda su ne ke riƙe da yara da yawa a garuruwanmu, kuma "mai" ba ta nuna namiji ko mace. Jimlar ƙarshe ta hana a tayar da gida duka. "A kawo" kuma yanzu ya zauna daidai, don an riga an faɗi wanda ake magana da shi. Ƙa'idar da nake bi ke nan game da "a": in an ambaci mai nauyi a farkon saƙo, "a" ladabi ne, in ba a ambace shi ba, "a" hanyar zillewa ce.

Abu na uku, in ba a samu mai saƙon ba, waya ba ta shiga, lokaci kuma ya ƙure. A nan mai fassara ya bar ƙofar da faɗin da ya same ta, kuma ya faɗi gaskiya. Ya ce wa masu gida: "Makaranta na son takardar haihuwar yaron gidan nan ran Litinin da ƙarfe 8. Saƙon bai faɗi wanda zai kai ba, bai kuma faɗi sunan yaron ba." Kada ya ƙara "mutum ɗaya ya isa", don ba a gaya masa haka ba. Wasu na ganin faɗin "saƙon bai faɗa ba" kamar kasawa ce ga wanda aka san ya yi karatu. Ni kuwa a wurina nan ne amanarsa take. Iyaye sun san gidansu fiye da shi. Da sun ji cewa ba a ware kowa ba, uwa za ta san tana da ikon zuwa, kuma in yaransu 2 ne a makarantar za su ɗauki takardun duka biyun.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Wasu za su ce ai "ku" ta wadatar, tunda mu ma muna ce wa babba "kun tashi lafiya?" ko da shi kaɗai ne. Gaskiya ne muna yi. Amma girmamawar Bahaushe ba a jam'i ta ta'allaƙa ba kamar ta Bafaranshe. Sarki guda muna ce masa "ranka ya daɗe", uwar gida "ranki ya daɗe", a addu'a ma "Ka" muke cewa. Saboda haka kunnen Bahaushe in ya ji "ku zo" a cikin aike, adadi yake fara ji kafin ladabi. "Ku" ta yi daidai a sanarwar da ta shafi kowa, kamar ranar komawa makaranta ko taron iyaye na shekara, irin wadda ake yi a rediyo ko a ƙofar masallaci. Inda kuwa adadin masu zuwa ke da muhimmanci, tana buƙatar mataimaki.

Wasu kuma za su ce "ka" a Hausa ta kowa ce, shi ya sa muke cewa abin da ka shuka shi za ka girba, mata ma haka suke faɗa ba tare da sun mai da shi "kika" ba. Wannan ma gaskiya ne, amma a karin magana, inda ba wani mutum takamaimai ake nufi ba. Aike daban ne. Yaro ya shigo gida ya ce "Malam ya ce ka zo", babu macen da za ta ɗauki mayafi. Damuwar ma ba sabuwa ba ce. Malaman tafsiri sun kawo cewa Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tambaya a kan yadda ake ambaton maza ba a ambaci mata ba, kuma sun danganta saukar aya ta 35 ta Suratul Ahzab, wadda ta jero maza da mata ɗaya bayan ɗaya, da wannan tambaya. In mace mai irin wannan matsayi ta so ta ji an ambace ta, ba abin mamaki ba ne uwar ɗalibi ta ƙi amsa kiran da aka yi da "ka".

Akwai kuma masu rubuta "ka/ki" da karan tsaye a tsakani. A takardar aikin aji, wadda ɗalibi ke karantawa da kansa, ba laifi in jimlar gajera ce. Amma saƙon gida karanta shi ake yi a bayyane, ko a ɗauke shi da murya a waya, kuma babu mai iya furta karan tsaye. Mai karatu zai zaɓi ɗaya, kuma kusan kullum na farkon yake zaɓa.

Matsalar ba ta Faransanci kaɗai ba ce. Mu da ke kan hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya muna samun takardu da Ingilishi daga ƴan'uwa da asibitocin Katsina, shi kuma kalma ɗaya yake da ita ga kai da ke da ku, ba ma ƙarshen kalmar da za a leƙa. Zabarmanci yana raba mutum ɗaya da jama'a, amma *ni* ɗinsa na namiji ne da mace. Larabci ne ke sauƙaƙa mana, da anta da anti da antum, shi ya sa ɗalibin islamiyya ba ya cin karo da wannan tuntuɓe sai ya shiga ajin boko.

Wannan ya kawo ni kan yara, waɗanda su ne masu fassarar da suka fi kowa yawa a wannan yanki. Malamin aji 5 ko 6 zai iya ba su darasin nan cikin minti 15. Ya rubuta jimla ɗaya mai *vous* a allo, ya sa su juya ta hanya 4, sannan ya tambaye su: a gidanku, wa zai tashi in aka faɗi wannan? Daga nan ya nuna musu ƙarshen kalmomin nan da ba a ji a baki. Yaron da ya gane wannan ya koyi nahawun harsuna biyu a zama ɗaya, kuma ran da aka ba shi takarda zai tsaya ya ce, "Malam, Baba zan faɗa wa ko Inna?" Malami ma ya lura da nasa bakin. In ya ce "ku yi aikin nan" yana nufin kowa ya yi nasa, wasu yara za su ji izinin haɗa kai, sai ya ƙara da "kowa shi kaɗai".

Yaya za a gane an yi kuskure? Kafin saƙo ya fita, a karanta fassarar ga wanda bai ga na asali ba, mai gadi ne ko mai sayar da abinci a ƙofar makaranta, a tambaye shi wa aka kira, mutum nawa, a kan wane yaro. In amsarsa ta saɓa da abin da shugaban makaranta ke nufi, ko ya ce bai sani ba, a sake. Bayan saƙo ya fita kuma alamun a fili suke: taron da aka shirya don iyaye mata ya cika da maza, ko an kawo takardar wani yaro daban, ko gidajen da magidantansu suka yi tafiya ne kaɗai ba su aiko kowa ba. Kwamitin kula da makaranta in ya ga haka, ya fara neman jin yadda aka faɗi saƙon a gida kafin ya zargi iyaye da sakaci.

Roƙona ga shugabannin makarantu da masu rubuta sanarwa shi ne su rage wa mai fassara wannan kaya tun daga tushe. Layi ɗaya a saman takarda ya isa: sunan ɗalibi, wanda ake so ya zo, da ko wani zai iya wakiltarsa. Iyaye kuma, in aka karanta muku saƙo, kuna da haƙƙin tambaya, "Haka aka rubuta, ko kai ka zaɓa?" Matambayi ba ya ɓata. Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya ba malamansu ladan wahala.